"Ta Ce" Ko "Tace"? Takardar Da Malamar Hausa Ta Aika Wa Iyaye

Malamin Hausa yana fama da wani abu da malamin Lissafi bai cika gamuwa da shi ba. Idan yaro ya kawo aikin gida na Lissafi, iyaye da yawa sukan duba su ce Allah ya taimaka, su mayar masa da littafinsa. Amma in aikin Hausa ne, kowa malami ne a gidan. Uba ya karɓi biro, yaya ya leƙo ta kafaɗa, kowa yana ganin ai harshen da aka haife shi a cikinsa ne, wane gyara ne zai gagare shi? Ta haka ne amsar da yaro ya rubuta daidai takan koma makaranta da safe an soke ta, an ɗora mata kuskure da hannun babba.

Irin wannan ce ta sa wata malama da ke koyar da Hausa a aji ɗaya na ƙaramar sakandare ta rubuta 'yar takarda, ta maƙala a littafin wata ɗalibarta. Aikin da ta ba su shifta ce, kuma jimlar da aka yi taƙaddama a kanta ita ce wannan, kamar yadda yarinyar ta rubuta:

Malama ta ce ita ce za ta ba su kuɗin littafinsu.

Mahaifin yarinyar ya ga kalmomin sun warwatse da yawa, sai ya ja layi ya rubuta tasa a ƙasa:

Malama tace itace zata basu kudin littafin su.

Ga abin da malamar ta rubuta masa: "Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga gyaran da aka yi wa ɗalibarmu a gida, kuma na ji daɗin yadda ake bibiyar karatunta. Sai dai amsarta ta farko ita ce daidai, shi ya sa na ba ta cikakken maki. A ƙa'idar rubutun Hausa ana raba ta ce, ita ce, za ta da ba su, domin kowannensu kalmomi biyu ne. Ana haɗa littafinsu domin mallaka ce gajeruwa. Kuɗi kuma da ɗ mai ƙugiya ake rubuta shi. Da wannan ma'auni za a duba takardarta ranar jarrabawa. Don Allah idan an sake ganin abin da ya yi kama da kuskure, a sa alama da fensir a gefe, mu duba tare. Na gode. Allah ya raya mana su."

Takardar ba ta kai rabin shafi ba, amma wurare shida ta taɓa a jimla guda. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma dalilan ba su fi ƙarfin mai karatu ba ko da bai taɓa zama ajin nahawu ba.

Inda kunne yake yaudarar hannu

Mahaifin bai yi gyaransa da ka ba. Abin da kunnensa ya ji shi ya rubuta. A magana, ba wanda yake tsayawa ya numfasa tsakanin "ta" da "ce". A tare suke fita. To amma rubutun Hausa ba numfashi yake bi wajen raba kalmomi ba, aikin da kowace kalma take yi a jimla yake dubawa. "Ta" wakilin suna ce, tana nuna wadda ta yi aikin da lokacin da ta yi shi. "Ce" kuwa aikatau ne, shi ne aikin da aka yi.

Malaman Hausa suna da gwaji mai sauƙi da suke koya wa ɗalibai: cire ɗaya, ka sa wata kalmar a gurbinta. Cire "ce" ka sa "zauna", ka sami "ta zauna". Sa "dawo", ka sami "ta dawo". Ba mai rubuta "tazauna" ko "tadawo" a haɗe, har shi mahaifin. Gajartar "ce" ce kawai take sa hannu ya manna ta da ta gabanta. Haka yake a "ya ce", "na ce", "sun ce", da sauran gajerun aikatau irin su "ya yi", "ta zo", "ya ci", "ta fi".

Haɗewar kuma ba ƙaramar ɓarna take yi ba, domin sau da yawa wata kalmar dabam take haifarwa. "Tace" aikatau ne mai zaman kansa, wanda ake yi wa gasara ko ruwan rijiya da rariya. "Itace" shi ne wanda ake hura wuta da shi. "Zata" shi ne na "na zata ba ka nan". Wato in aka bi gyaran mahaifin baƙi bayan baƙi, malama da tacewa da itacen girki da zato ne suka jeru a layi guda. Mai karatu Bahaushe zai gane abin da ake nufi daga baya, amma sai ya yi tuntuɓe ya koma baya tukuna. Wani lokacin ma ba ya ganewa. "Ta fi Kano" magana ce a kan girma ko kyau. "Tafi Kano" umarni ne. "Su ma sun zo" labari ne mai daɗi. "Suma" kuwa sai an nemo ruwa an yayyafa.

"Ita ce" ma gwajin nan yake warware ta. "Ce" ɗin da ke nan ba aikatau ba ne, ita ce abokiyar "ne", waɗanda masana nahawu suke kira dirka. Sa suna a gurbin "ita": "mota ce", "makaranta ce", "gaskiya ce". Tunda a rabe suke a nan, a rabe suke a "ita ce", "shi ne", "su ne", "ni ne". Haka "ba su": ana cewa "za ta ba yara", don haka "su" da ta tsaya a madadin yaran kalma ce mai cin gashin kanta. Dokar ta game duk wakilin sunan da aiki ya faɗa a kansa: "ya gan shi", "ta kira mu", "sun kama ta".

Sai "za ta". "Za" ita take nuna lokaci mai zuwa, kuma a rabe take da wakilin suna: za ka, za ki, za ta, za mu, za ku, za su, za a. Wurare biyu ne kawai ake haɗewa, "zan" da "zai", saboda a nan kalmomin biyu sun narke cikin juna har ba a iya yanka su. Korewa ma haka take tafiya: "ba ta zo ba", "ba su zo ba", amma "ban zo ba", "bai zo ba". Yaron da ya riƙe waɗannan huɗu, zan da zai da ban da bai, ya huta da rabin wahalar.

To me ya sa aka haɗa "littafinsu"?

A nan ne iyaye masu lura sukan kama malami. In ana rubuta "littafin yara" a rabe, me zai hana a rubuta "littafin su" a rabe, tunda gwajin musanya ya nuna haka? Tambayar tana da ƙarfi, kuma amsar gaskiya ita ce gwajin ba ya aiki a wannan wurin. Hausa tana da mallaka iri biyu. Akwai doguwa, wadda take iya tsayawa ita kaɗai: nawa, naka, nasa, tata, namu, nasu. In aka tambayi yaro littafin wane ne, zai iya cewa "nasu" ya yi shiru. Akwai kuma gajeruwa, wadda ba ta da ƙafar tsayawa sai ta jingina da suna. Ba mai amsa waccan tambayar da "sa" ko "ta". Saboda haka masu tsara ƙa'ida suka yanke cewa gajeruwar a liƙa ta: littafina, littafinka, littafinsa, rigarta, gidanmu, gonarsu. Doguwar kuwa a ware ta: "littafin nasu", "rigar tata".

Dalili makamancin wannan ne ya haɗa yana, tana, suna, yake, take, suke, yakan, sukan, muka, suka. Ana ɗaukar wakilin sunan da alamar lokacin a matsayin kalma guda. Sai idan an jefar da wakilin sunan ne alamar take tsayawa ita kaɗai, kamar a "yaro na zuwa" ko "yaro ke magana". Wannan dokar ce take bambanta "akan" da "a kan", waɗanda har a allunan talla da kanun labarai ake cakuɗawa. "Akan sha fura da rana" al'ada ce ake faɗa. "A kan tabarma" wuri ne ake nunawa.

Kakan yarinyar, in ya yi firamare tun zamanin En'e, yana iya cewa su a lokacinsu "ya ke" da "su ke" a rabe aka koya musu. Bai yi ƙarya ba. Tsofaffin bugun littattafan Zariya cike suke da su a rabe. Ƙa'idar ce aka sake wa zama daga baya.

Wa ya kafa dokar?

Rubutun boko bai sauko da ƙa'idojinsa a rana ɗaya ba. A 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin farko da makarantun gwamnati suka bi. Babbar matsalar farkon ita ce sautukan da baƙaƙen Turawa ba su da su. An gwada ɗigo a ƙarƙashin baƙi, an gwada waƙafi a gefensa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da waƙafin ya yi amfani. A shekarun 1930 ne, lokacin da Rupert East yake jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka karɓi baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa jama'a da salon rubutu guda.

A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, wadda ta sake tace ƙa'idojin. UNESCO ta kira taro a Bamako a 1966 kan rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1972 masana suka zauna a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano suka yi wa dokokin rabawa da haɗawa bita, sannan a 1980 aka yi taron Yamai don kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Abin da malamar aji ɗaya take rubutawa a allo yau daga waɗannan zaman ya gangaro, ta hanyar kwalejojin ilimi da jami'o'i da littattafan makaranta. Shi ne kuma ma'aunin masu duba takardun Hausa a WAEC da NECO, inda ƙa'idojin rubutu suke da nasu kason a makin insha'i. Ɗalibin da ya cika shafi da "yace" da "zasu" yana zubar da maki ko da labarinsa ya yi armashi.

Ƙugiyar da waya ta cinye

Wuri na shida a jimlar shi ne "kuɗin", wanda mahaifin ya mayar "kudin". Wannan kuskuren sabo ne a hannun manya da yawa, kuma an san inda ya samo asali. Wayoyin farko da aka riƙa aika saƙo da su ba su da ɓ, ɗ, ƙ, mutane suka saba rubutu babu su, sabon ya bi su har kan takarda. Yanzu kuwa allon rubutu irin Gboard yana da tsarin Hausa da ake iya ƙarawa, amma hannu ya riga ya saba.

Ƙugiyar ba ado ba ce. Baƙi ne dabam mai sauti dabam, kamar yadda "s" ta bambanta da "z". "Kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne, haka "kasa" da "ƙasa", haka "bari" da "ɓari". Wanda ya rubuta wa ɗan'uwansa "an kare garin" alhali "an ƙare garin" yake nufi, ya aika albishir a madadin jaje. Shi ya sa malamai suke tsananta wa yara tun daga firamare cewa ƙugiyar ta fito sosai, kada ƙ ta yi kama da k da biro ya zame.

Akwai wani gyaran da iyayen da suka fi sabawa da Turanci suke yawan yi: su ga yaro ya rubuta "ci" ko "cikin", su ƙara masa "h". A abacadar Hausa "c" ita kaɗai ta wadatar da wannan sautin. Babu kuma p, q, v da x a kalmomin Hausa, don haka kalmar aro ma sai ta sa rigar gida: fensir, firamare, talabijin, asibiti. Idan kuma baƙi mai goyo irin ky ko ts ko sh ya ninku, harafin farko kaɗai ake maimaitawa, shi ya sa ake rubuta "kyakkyawa" da "tsattsauran".

"Mu ba haka muke faɗa ba"

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa ba na rabawa da haɗawa ba ne, na karin harshe ne. Uwa a Sakkwato tana cewa "shina tahiya", sai ta ga ɗanta ya rubuta "yana tafiya". Uba a wajen Zariya ko Bauchi ya saba da "rigan yarinya" da "mota ne", sai ya ga 'yarsa ta rubuta "rigar yarinya" da "mota ce". Abin yakan yi wa wasu zafi, kamar makaranta tana cewa Hausar gidansu gurguwa ce.

Malamin da ya san aikinsa ba ya faɗin haka, domin ba gaskiya ba ne. Sakkwatanci da Katsinanci da Zazzaganci da Gudduranci duk Hausa ce cikakkiya, ana nazarinsu a jami'a, kuma da su aka yi waƙoƙin da kowa yake alfahari da su. Daidaitacciyar Hausa yarjejeniya ce ta rubutu da koyarwa da labarai, wadda ta fi jingina da Kananci, don littafi guda ya karantu daga Gusau har Azare. Tana kuma da amfani a inda kari yake haɗe abubuwa biyu. A bakin wanda ba ya bambanta jinsi, "matan Audu" tana iya zama mace ɗaya ko huɗu. A rubuce, "matar Audu" ɗaya ce, "matan Audu" kuwa an san gidan ya cika.

Bakanon ma bai tsira ba. Yana furta "gidam Bala" da "sum bi", saboda "n" takan koma "m" a gaban "b", abin da masana suke kira naso. Amma a rubuce "gidan Bala" ne da "sun bi", domin ba a son kalma ta riƙa sauya kama gwargwadon maƙwabciyarta. A cikin kalma guda ne kawai ake bin furucin, kamar a "tambaya" da "ambaliya". Haka mutane da yawa suke cewa "rigas sarki", a rubuta "rigar sarki".

Inda ƙa'idar ta tsaya

Iyaye suna da damar sanin cewa ba kowace tambaya ce take da amsa ɗaya tak ba, kuma ba kowane jan biro na malami ne daidai ba. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, jimla ce take fayyace su. Yaron da ya rubuta "gaari" don ya bambanta su ya ji daidai da kunnensa, amma ya saɓa ƙa'ida. A ƙamus da littattafan nazarin harshe kaɗai ake sa wa wasali alama.

Akwai kuma wurin da har marubuta suke rarrabuwa. A "yana son ta", shin "ta" mallaka ce da za a liƙa, ko wadda son ya faɗa wa ce da za a ware? Malamai da yawa suna koyar da a ware idan aiki ne ya faɗa a kanta, a liƙa idan mallaka ce, kamar a "sonta ya yi yawa". Amma mai karanta jaridu da littattafai zai ga duka biyun. A irin wannan wurin, abin da ya dace uba ya tambaya shi ne wane littafi makarantar take bi, kuma malamin ya nuna masa shafin.

A ƙetaren iyaka takardar malami takan ɗauki wani salo. A Nijar ana rubuta "ƴaƴa" da baƙi mai ƙugiya, a Nijeriya kuwa "'ya'ya" da waƙafi, don haka yaron da iyayensa suka taso daga Maraɗi zuwa Katsina sai ya sauya hannu a wannan baƙin, alhali duka biyun daidai ne a ƙasarsu. Iyayen can da suka yi makarantar Faransanci kuma nasu gyaran dabam ne: sun saba ganin "ou" a madadin "u" da "tch" a madadin "c", kamar yadda ake rubuta Dogondoutchi a taswira da allunan hanya. Malamin Hausa a Dogonduci yakan sami kansa yana yi wa uba bayanin cewa ɗansa da ya rubuta "kuka" da "ciki" bai manta da wani harafi ba, ƙa'idar da hukumomin ilimin Nijar suka amince da ita ya bi.